Kwantena Ɗaya, Kaya Uku: Wa Zai Ɗauki Kuɗin Hanya?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa shigo da kwantena daga Guangzhou ko Dubai zuwa Kano zai iya faɗa maka abin da ta ci masa gaba ɗaya, tun daga kuɗin da ya tura wa masana'anta har ladan 'yan dakon da suka sauke ta a sito. Wannan jimillar ba ta ɓace wa kowa, domin daga aljihu ta fita. Amma ka ɗauki abu guda daga cikin kayan, ka tambaye shi a kan nawa wannan ya sauka masa, a nan za ka ji murya ta sauya. Wani zai ce ya ɗora kashi talatin a kan kuɗin saye. Wani zai ce ya raba kuɗin hanya da yawan kwalaye. Dukansu lissafi suka yi, kuma jimillarsu za ta fita daidai, sai dai mai yiwuwa ne dukansu suna sayar da wani kaya da faɗuwa ba su sani ba.

Idan kwantenar kaya iri ɗaya ta ɗauko, babu wata wahala: a haɗa abin da aka kashe, a raba da yawan kaya. Matsalar tana tasowa ne idan an gwama kaya, wanda kuwa shi ne abin da mafi yawan 'yan kasuwarmu na Sabon Gari da Ƙofar Ruwa da Kantin Kwari suke yi, ko dai mutum ɗaya ya cika kwantena da kaya kala-kala, ko mutum uku su haɗa gwiwa su cika ta. Kamfanin jirgin ruwa takarda ɗaya zai ba ka. Mai tirela kuɗi ɗaya zai yanka maka. Ejan mai kilarin ma haka. Kai ne za ka zauna ka yanke hukuncin wane kaya ne zai ɗauki nawa.

Ra'ayina a kan wannan ɗaya ne: kowane kuɗi a ɗora shi a kan kayan da ya jawo shi, gwargwadon yadda ya jawo shi. Direbobin motocin kasuwar ƙauye sun daɗe da sanin wannan. Buhun auduga ba shi da nauyi amma yana cinye wuri, buhun kanwa kuwa ƙarami ne amma yana danne mota, shi ya sa direba ba ya tambayar nawa aka sayo kowanne kafin ya yanka kuɗin ɗauka. Abin da ya dame shi wuri ne da nauyi. Haka jirgin ruwa yake, haka tirela take. Kwastam ce kawai da kamfanin inshora suke duban darajar kaya.

Bari mu bi kwantena guda daga farko har ƙarshe. Alƙaluman da ke tafe na misali ne, an zaɓe su don lissafi ya yi sauƙin bi, amma tsarin shi ne wanda ake gani a takardun gaske.

Wani mai sayar da kayan sola ya cika kwantena mai ƙafa 40 da kaya uku. Akwai manyan batura 200, kowanne dala 150. Akwai fanka mai caji guda 1,000, kowacce dala 20. Sai inbata 100, kowacce dala 500. Jimillar kuɗin kaya dala 100,000, wato farashin da ake rubutawa FOB a takarda, kuɗin kaya har a ɗora su a jirgi a can ƙasar da aka saya. Mu ɗauka ya sami dala a kan naira 1,500. Kayan sun tashi naira miliyan 150 ke nan: batura miliyan 45, fankoki miliyan 30, inbata miliyan 75.

Yanzu ka dubi kayan nan ta fuska uku. Ta fuskar kuɗi, inbata ce rabin kwantenar, batir kashi 30 cikin 100, fanka kashi 20. Ta fuskar nauyi kuwa labarin ya juya. Batir ɗaya kilo 60 ne, su 200 sun yi tan 12. Fankoki tan 6, inbata tan 2. Cikin tan 20 na kayan, batir ne ya kwashe kashi 60, fanka 30, inbata 10. Ta fuskar wuri, wanda ake aunawa da mita kubik, ake kuma rubutawa CBM a takardar jerin kaya, fanka ce sarauniya. Kwantena mai ƙafa 40 tana da wurin mita kubik 67 a lissafi, amma a aikace da wuya a cusa fiye da 60, saboda kwalaye ba sa zama cif. A cikin 60 ɗin nan fankoki sun cinye 45, inbata 9, batura 6 kacal. Wato fankar da ba ta wuce kashi 20 na kuɗi ba ita ta mamaye kashi 75 na wuri.

Kuɗin jirgi da na inshora

Kuɗin jirgin ruwa zuwa Legas dala 6,000 ne, naira miliyan 9. Da me za a raba shi? Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: me ya hana ka ƙara kaya a kwantenar nan? Ba nauyi ba ne, domin irinta tana ɗaukar tan 26 ko fiye, kai kuwa 20 ka zuba. Wuri ne ya ƙare. Saboda haka wuri ka saya da miliyan 9 ɗin, kuma da wuri za a raba shi. Fanka ta ɗauki miliyan 6.75, inbata miliyan 1.35, batir naira 900,000. Kowacce fanka ta biya naira 6,750 kuɗin jirgi.

Mai shakka yana iya gwada wannan da kansa. A ce kwantenar fanka zalla aka cika mata. Za ta ɗauki kimanin guda 1,333. Raba miliyan 9 da wannan adadi, za ka sake samun kusan naira 6,750 a kowacce. Abin da fanka take ci ke nan a jirgi, ko ta zo ita kaɗai ko ta zo da maƙwabta. Duk lissafin da ya nuna ƙasa da haka, wani kayan ne yake biya mata.

Da a ce tayil ne ko ƙusa ko batir zalla a kwantena mai ƙafa 20, wadda nauyi yake cika ta tun wuri bai ƙare ba, to da nauyi za a raba. Masu jigila su kansu haka suke yi wa mai kaya kaɗan da bai cika kwantena ba: suna ɗaukar mita kubik ɗaya daidai da tan ɗaya, su caje ka a kan wanda ya fi yawa. A jirgin sama kuma mita kubik ɗaya ana lissafa shi kamar kilo 167, shi ya sa kwalin filo yake zuwa da kuɗin da ya fi nauyinsa nesa ba kusa ba.

Inshora ba ta da gardama. Kamfanin inshora darajar kaya yake karewa, don haka naira miliyan 1 da aka biya za a raba ta da daraja: inbata 500,000, batir 300,000, fanka 200,000.

Abin da kwastam ta karɓa

A nan ne kuskure ya fi tsada, kuma a nan ne ya fi sauƙin kaucewa, domin kwastam ta riga ta yi maka rabon. Kuɗin fito ba a kan kwantena ake sa shi ba, a kan kowane irin kaya ake sawa. Kowane kaya yana da lambarsa a kundin haraji, kowace lamba da kasonta. Tun 2015 Najeriya take aiki da kundin bai ɗaya na ƙasashen ECOWAS, mai matakai biyar: babu haraji, kashi 5, kashi 10, kashi 20 da kashi 35, ban da ƙarin da gwamnati take ɗora wa wasu kayayyaki don kare masana'antun gida. Ana lissafa shi ne a kan darajar da ake rubutawa CIF, wato kuɗin kaya haɗe da inshora da kuɗin jirgi. Mai shigo da kaya yana buɗe Form M ta bankinsa, kwastam ta fitar masa da takardar PAAR, a cikinta kuma ake ganin lamba da darajar da aka amince da su ga kowane kaya.

A misalinmu darajar CIF miliyan 160 ce. Mu ɗauka a takardar kwastam an watsa kuɗin jirgi da inshora a kan kayan gwargwadon darajarsu, sai batir ya zama miliyan 48, fanka 32, inbata 80. Mu kuma ɗauka batir da fanka suna kan kashi 20, inbata tana kan kashi 5. Kuɗin fiton batir miliyan 9.6 ke nan, na fanka miliyan 6.4, na inbata miliyan 4. Jimilla miliyan 20. Ka lura, inbatar da ita ce rabin darajar kaya, ɗaya bisa biyar kawai ta jawo na kuɗin fito. Wanda ya ɗauki miliyan 20 ya raba da daraja zai ɗora mata miliyan 10, ya zalunce ta da miliyan 6 tun ba a bar tashar jirgi ba.

Bayan kuɗin fito akwai ƙananan caji da suke biye da shi, kuma kowanne da ma'auninsa. Tsarin da aka daɗe ana aiki da shi yana da ƙarin kashi 7 a kan kuɗin fiton kansa, da kashi 1 na FOB da ake rubutawa CISS, da rabin kashi ɗaya na CIF da ake rubutawa ETLS. Irin waɗannan sukan sauya. Dokar Hukumar Kwastam ta 2023 ta tanadi cajin kashi 4 na FOB, aka fara karɓarsa a watan Fabrairun 2025, aka dakatar bayan ƙorafin masu masana'antu da masu shigo da kaya, aka ci gaba da ja-in-ja a kansa. Amma ko me aka kira cajin, sunansa a takarda yana faɗa maka a kan me aka lissafa shi, kuma da wannan ɗin za ka raba shi. Wanda aka ɗora a kan kuɗin fito ya bi kuɗin fito, wanda aka ɗora a kan daraja ya bi daraja. Idan aka yi haka a kwantenarmu, abin da kwastam ta karɓa ya kai miliyan 23.7: batir miliyan 10.962, fanka miliyan 7.308, inbata miliyan 5.43.

Saura harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, kuma ana lissafa shi a kan darajar CIF haɗe da duk waɗancan caje-cajen. A nan ya kusa miliyan 13.8. Kuɗi ne mai yawa, kuma ya fita daga aljihu, amma ba lallai ne ya shiga kuɗin kaya ba. Kamfanin da ya yi rajistar VAT, yake karɓarsa a hannun masu saye, yana cire abin da ya biya a tasha daga abin da zai miƙa wa hukumar haraji. A wurinsa wannan kuɗi bashi ne da zai dawo, ba tsadar kaya ba. Ɗan kasuwar da ba shi da hanyar dawo da shi kuwa dole ya ɗora shi a kan kaya, layi bayan layi kamar yadda yake a takarda. Mai kayan solarmu muna ɗauka yana da rajista, don haka mun ajiye wannan gefe.

Daga tasha zuwa sito

Kafin kwantena ta fita daga Apapa ko Tin Can, akwai kuɗin masu kula da tasha da na ofishin kamfanin jirgi, a ce miliyan 3. Waɗannan a kan kwantena ake biyan su, ba ruwansu da abin da ke ciki, don haka su ma wuri ne ma'auninsu: fanka miliyan 2.25, inbata 450,000, batir 300,000. Ladan ejan miliyan 1, shi kuma ya fi dacewa a raba shi da daraja, tunda aikinsa na takardu ne, kuma yawanci girman kuɗin kaya ake dubawa wajen yanka masa lada.

Kuɗin tirela daga Legas zuwa Kano, tafiyar da ta kai kilomita 1,000, a ce miliyan 4. A nan masu lissafi sukan saɓa. Wasu suna cewa tunda kwantena ɗaya ce a bayan mota, a raba da wuri kamar na jirgi. Ni na fi karkata ga nauyi, domin mai tirela yakan tambayi tan nawa ne kafin ya faɗi kuɗinsa, kuma nauyi ne yake shan gas, yake cin taya. Idan da nauyi aka raba, batir zai ɗauki miliyan 2.4, fanka miliyan 1.2, inbata 400,000. Wanda ya zaɓi wuri bai yi laifi ba idan mai motarsa kuɗi ɗaya yake karɓa ko da me aka zuba. Abin da ba shi da kyau shi ne a yi da nauyi a wannan kwantena, a yi da wuri a ta gaba, gwargwadon sakamakon da ake son gani. Da haka ba za a taɓa iya kwatanta tafiya da tafiya ba.

Ga 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram wannan ɓangare ya fi nauyi. Nijar ba ta da gaɓar teku, kayanta ta Kwatano ko Lome suke shigowa, kuma tun da iyakarta da Benin ta rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya da yawa suka koma zagayawa daga Lome ta Burkina Faso. Duk lokacin da tafiyar ƙasa ta ƙara tsawo, kaya masu nauyi ne suke ƙara tsada fiye da sauran, kuma wanda yake ɗora kaso ɗaya a kan komai ba zai ga hakan a littafinsa ba.

To, a haɗa. Duk abin da aka kashe bayan kuɗin kaya ya tashi miliyan 41.7, kwantenar ta sauka a kan miliyan 191.7. Batura sun ɗauki miliyan 60.162, wato kowane batir naira 300,810. Fankoki miliyan 47.908, kowacce naira 47,908. Inbata miliyan 83.63, kowacce naira 836,300. Batirin da aka sayo 225,000 ya ƙaru da kimanin kashi 34. Inbatar 750,000 ta ƙaru da kashi 11.5 kawai. Fankar 30,000 kuwa ta ƙaru da kusan kashi 60.

Yanzu a dubi hanyar da aka fi sabawa da ita. Miliyan 41.7 a kan miliyan 150 kashi 27.8 ne, sai a ɗora wannan a kan komai. Fanka ta fito 38,340, batir 287,550, inbata 958,500. Jimilla ɗaya ce, miliyan 191.7, ko kwabo bai ɓata ba, shi ya sa mai littafi ba zai ga wani abin tuhuma ba.

Kasuwa ce za ta nuna. Mai kayan ya sa fanka a kan 45,000, yana ganin ribar 6,660 a kowacce, alhali yana faɗuwar 2,908. Zafin watan Maris ya shigo, masu sari suka yi ta ɗauka, domin babu wanda yake sayar da ita da arha irin tasa. A 'yan makonni guda 1,000 suka ƙare. Littafinsa ya nuna ribar miliyan 6.66, gaskiya kuwa asarar miliyan 2.9 ce. Ita kuma inbata ya sa ta a kan 1,050,000, tunda a ganinsa a 958,500 ta sauka. Maƙwabcinsa yana sayarwa 950,000, yana cin ribar fiye da 100,000 a kowacce, shi kuwa yana zargin ko fasa-ƙwauri maƙwabcin yake yi. Tasa tana zaune a kanta tana shan ƙura.

Abin da ya fi damuna shi ne hukuncin da zai yanke bayan haka. Duk mai hankali da ya dubi wannan littafi zai ce fanka ce kasuwa, inbata ba ta tafiya. Sai ya yi odar kwantena cike da fanka zalla. A wannan karon babu inbatar da za ta ɗauke mata kuɗin jirgi da na fito, sai ta sauka da ainihin tsadarta, shi kuma ya ɗora laifin a kan dala ko kwastam ko ejan.

Akwai kuma batun haƙƙi. Bambancin da ke tsakanin ribar da littafi ya nuna da asarar gaske, wajen miliyan 9.6, bai ɓace ba, yana kwance a cikin darajar kayan da suka rage a sito, waɗanda aka rubuta su sama da abin da suka ci. Idan da kuɗin wani ake juyawa, aka raba riba a ƙarshen watan Mayu bisa wannan littafi, uwar kuɗi aka raba ba riba ba. Idan kuma mutum uku ne suka haɗa kwantenar, kowa da kayansa, raba kuɗin hanya da daraja yana nufin mai inbata ya biya fiye da miliyan 12 da ba nasa ba ne, mai fanka da mai batir suka amfana. Irin wannan ya kamata a yi maganarsa tun kafin a loda kaya, a rubuta da me za a raba kowane kuɗi, domin bayan kaya sun iso kowa ma'aunin da ya fi masa sauƙi zai ga ya fi adalci.

Ba kowane kuɗi ne yake hawa kan kaya ba

Ƙa'idar lissafin kaya ta duniya, wadda ake kira IAS 2, da manyan kamfanonin Najeriya suka koma aiki da ita tun daga 2012, ta ja layi a nan. Kuɗin saye, kuɗin fito, harajin da ba ya dawowa, jigila da dako, da duk abin da aka kashe kai tsaye don kaya su iso inda suke a yanayin da suke, duk suna shiga darajar kaya. Hayar shago, albashin yaran shago, talla, ajiya bayan kaya sun iso, da asarar da ta wuce ta al'ada, ba sa shiga. Waɗannan kuɗin gudanar da kasuwa ne, ana cire su daga ribar lokacin da aka kashe su.

Wanda ya fi jawo musu shi ne kuɗin jinkiri. Kamfanin jirgi yana ba da 'yan kwanaki kyauta, bayansu kowace rana da kuɗinta, tasha ma tana cajin ajiya. A ce kwantenarmu ta yi kwanaki a tasha saboda mai kaya bai kammala takardunsa a kan lokaci ba, aka biya miliyan 2. Zuciya za ta so a zuba shi a kan kaya a wuce wurin. Ni ina ganin a ware shi, a rubuta shi da sunansa a matsayin asara. Batir bai ƙara daraja don ya kwana a Apapa ba. Idan aka narkar da wannan kuɗi cikin farashi, babu wanda zai sake tambayar me ya jawo shi, kuma zai sake faruwa. Kwana ɗaya ko biyun da kusan kowace kwantena take yi kafin ta fita, wannan ana iya ɗaukar sa cikin tsadar hanya ta yau da kullum.

Haka nan kuɗin ajiyar da ake ba kamfanin jirgi a kan kwantenar kanta, wanda ake dawowa da shi idan an mayar da ita babu komai, ba tsadar kaya ba ne, bashi ne da ake bin kamfanin. Abin da aka zaftare daga ciki ne kawai ya zama kashewa. Kayan da suka fashe kuma a dubi yawansu. Idan fanka 20 suka lalace cikin 1,000, irin abin da aka saba gani, sai a raba kuɗin da 980 ɗin da suka rage, kowacce ta koma 48,886. Idan kuwa ruwa ne ya shiga kwantena ya ɓata 300, wannan magana ce tsakaninka da kamfanin inshora, ba a ɗora wa masu lafiya.

Canjin kuɗi ma yana da tarkonsa. A kwantena ɗaya ana iya samun farashin dala uku: wanda aka sayi dalar biyan kaya, wanda aka biya kuɗin jirgi, da wanda kwastam ta yi amfani da shi ranar da ta yi ƙiyasi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, farashin kwastam ya yi ta sauyawa, wani lokaci sau da dama a wata guda. Ba a neman matsakaici a tsakaninsu. Kowane kuɗi a rubuta shi da nairar da ya ci a lokacinsa. Abin da za a sayar da kaya kuwa wata tambaya ce daban, domin mai hankali yana duban nawa zai sake sayo su gobe. Amma kada a cakuɗa biyun a shafi ɗaya.

Wata wahalar ita ce takardu ba sa zuwa tare. Kaya sun iso, an fara sayarwa, ejan bai kawo cikakken lissafinsa ba sai bayan mako uku. Abin da ake yi shi ne a sa ƙiyasi tun ranar sauke kaya, bisa abin da tafiyar baya ta ci, a rubuta shi a matsayin bashin da ake jira. Idan takardar gaske ta zo da ƙarin naira 600,000 na tasha, sai a raba shi da wuri kamar ɗan'uwansa: 450,000 na fanka ne. Idan an riga an sayar da rabin fankokin, rabin wannan kuɗi ya tafi cikin kuɗin kayan da aka sayar, ya rage riba nan take, sauran rabin ya hau kan waɗanda suke sito. Zuba shi duka a kan abin da ya rage yana kumbura farashinsu a banza.

Wanda yake son sanin ko rabonsa yana da lafiya, ya fara da haɗa abin da ya ɗora wa kowane kaya, ya ga ko ya yi daidai da jimillar rasiɗansa. Sannan ya dubi kason ƙarin da kowane kaya ya samu. Idan kaya masu bambancin girma da nauyi da lambar haraji duk sun fito da kaso ɗaya, ba a yi rabo ba. Ya kuma sa ido a kan kayan da suke ƙarewa da saurin da ba a saba ba, musamman idan abokan sana'a ne suke zuwa suna kwashewa, domin wanda ya san hanyar Guangzhou ba zai saya a hannunka ba sai ya ga ka fi hanyar arha. Duk abin da ake buƙata don gyara lissafin yana cikin takardu uku da suke hannun mai kaya tun kafin kwantena ta iso: rasiɗin masana'anta mai nuna daraja, takardar jerin kaya mai nuna kilo da CBM na kowane kwali, da takardar ƙiyasin kwastam mai nuna harajin kowane layi. Wanda ejansa yake ba shi kuɗi dunƙule ɗaya da sunan kilarin, ya nemi a ba shi kwafin takardar ƙiyasin da rasiɗin bankin da aka biya harajin, domin idan babu su ba za a iya sanin nawa ne na batir, nawa ne na inbata ba.